Tambayar da ke kayar da ɗalibai a jarrabawar kalkulas

Darasin kalkulas na shekarar farko a jami'a ayyuka biyu ya dogara a kansu. Difarenshiyeshan yana auna saurin canjin abu, intagireshan kuma yana tara ƙananan yankuna har ya ba da girman filin da ke ƙarƙashin layin zane. Kowannensu yana warware aikin ɗan'uwansa. Sai dai hakan na da sharaɗi, kuma wanda bai rubuta sharaɗin a takardarsa ba yana iya bin ƙa'ida tiryan-tiryan ya faɗa rami.

A ce an nemi girman filin da ke ƙarƙashin 1/x² daga x = 1 zuwa x = 2. Ɗalibi mai natsuwa zai fara da faɗin abin da ya dogara a kai, wato 1/x² yana da ƙima a ko'ina tsakanin 1 da 2, babu inda layin ya yanke. Daga nan sai aiki:

```
∫ 1/x² dx = −1/x + C
(−1/2) − (−1/1) = 1/2
```

Kafin ya wuce, zai yi wa −1/x difarenshiyeshan ya ga ya koma 1/x². Wannan gwaji ba ya cin minti guda, kuma yana kama kuskuren alama tun da wuri.

Yanzu malami ya sauya iyaka, ya ce daga −1 zuwa 1. Mai gaggawa zai maimaita matakin nan, ya cire 1 daga −1, ya rubuta −2. Amsar kanta tana tona asirinta. Duk lambar da aka ninka da kanta ba ta sauka ƙasa da sifili, don haka layin 1/x² a sama yake ko'ina. Ta yaya filinsa zai zama −2?

Matsalar tana wurin x = 0, inda ba a raba lamba da sifili. Layin ya yanke a can, ƙa'idar da aka yi aiki da ita kuwa ba ta tsallake yanka. Dole a raba tambayar gida biyu a kan sifili, a ɗauki ɓangaren dama daga wata ƙaramar lamba t zuwa 1. Sakamakon shi ne 1/t − 1. Idan t ya zama 0.1, a sami 9. Idan 0.001 ne, 999. Muddin t na matsowa ga sifili, filin ƙaruwa yake yi ba tsayawa, kuma ɓangare ɗaya ya isa a yanke hukunci cewa filin ba shi da iyakantaccen girma.

A ganina, layin sharaɗin nan ya fi kowane layi daraja a amsar, domin lokacin rubuta shi ne ɗalibi ke duba ko sifili na cikin iyakar da aka ba shi. Haka kuma mai duba takarda yakan ba da maki a kan matakai. Wanda ya nuna inda layin ya yanke, ya raba tambayar, ko da ya yi tuntuɓe a lissafin ƙarshe, yana da abin da za a ba shi. Wanda ya ajiye −2 tsurarta bai bar wa malami abin dubawa ba.