Sabon Babur Ya Fara Hayaƙi: Wasiƙar da Ya Kamata Dila Ya Samu

A ce mutum ya sayi sabon babur ranar 4 ga Maris, ya kai shi sabis na farko da mita ta nuna kilomita 500, komai lafiya lau. Mako bakwai da saye, wata safiya ya tayar da inji sai ga shuɗin hayaƙi daga salansa. Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya tarar man ya sauka ƙasa da layi, alhali ba ɗigo ko ɗaya a inda mashin ya kwana. Abin da yawancinmu za mu yi shi ne mu gangara wurin bakaniken unguwa, shi kuwa kafin ka gama bayani ya riga ya kwance kan inji. A nan ake asarar garanti, domin dila zai ce ba yadda ya sayar aka dawo masa da shi ba, kuma da wuya ka ƙaryata shi.

Shuɗin hayaƙi alama ce ta baƙin mai yana shiga inda wuta ke ci yana ƙonewa, galibi ta ringin fistin ko ta robobin bawul. Ya bambanta da baƙin hayaƙi, wanda fetur ne ya yi yawa a kan iska, ana iya gyara shi da saitin kafireta ko wanke matatar iska. A injin da bai cika kilomita dubu biyu ba, shan baƙin mai ba tsufa ba ne. Ko dai aibi ne daga masana'anta, ko daga wurin haɗawa, ko kuma mai shi ya wulaƙanta shi tun yana ɗanye. Wannan na ƙarshe shi dila zai fara kamawa: ka yi gudu da shi, ka labta masa buhuna, ka zuba jabun mai. Aikin wasiƙar koke shi ne ta toshe wannan ƙofa da takarda, ta kuma ɗaure rana da kilomita wuri guda.

Me ya sa rana da kilomita? Katin garanti na babur yakan ba da wa'adi biyu ne, watanni kaza ko kilomita kaza, duk wanda ya riga cika shi ke nan. Ɗan acaɓa da ke yin kilomita 100 a yini zai cinye kilomita 6,000 cikin wata biyu, ko da katin ya ce wata shida. Sannan akwai doka. A Najeriya, Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku da karɓarsa, ba tare da an ci shi tara ba, mai sayarwa kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit, wai kaya in sun fita ba sa dawowa, bai fi ƙarfin wannan doka ba. To amma wanda ya je da baki kawai, aka ce masa "ka dawo jibi, yaronmu ba ya nan", jibi ta haifi wata jibin, zai wayi gari wata uku sun wuce ba shi da shaidar ya taɓa kokawa.

Ga yadda wasiƙar mai babur ɗinmu za ta kasance, bayan adireshinsa da kwanan wata da sunan shagon:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Ranar 4 ga Maris na sayi sabon babur a shagonku, kamar yadda rasit ɗin da na haɗa kwafinsa ya nuna. Lambar inji da lambar shasi suna ƙasan wannan takarda. Na kawo shi sabis na farko wurinku ranar 18 ga Maris a kilomita 500, kuka buga hatimi a kati. Ranar 22 ga Afrilu, a kilomita 1,900, ya fara fitar da shuɗin hayaƙi, musamman in an ba shi wuta, baƙin mai kuma ya sauka ƙasa da layi ba tare da yoyo ba. Tun ranar na ajiye shi, ba wanda ya kwance injin. Tunda yana cikin wa'adin garanti, ina neman ku karɓe shi ku gyara da sababbin kayan kamfani ba tare da na biya komai ba, cikin kwana goma sha huɗu. In gyaran bai yiwu ba, ina neman a canza mini shi ko a mayar mini da kuɗina. Na gode."

Lura, bai ce ringi ne ya lalace ba, ko da yana zargin haka. Ya faɗi abin da ido ya gani kawai. In ka ambaci ringi aka buɗe aka tarar robar bawul ce, ka ba su abin musu a banza, za kuma a tambaye ka wa ya buɗe har ka sani. Bai kira kowa macuci ba. Dilan ma sau da yawa ba daga aljihunsa kayan gyara za su fito ba, sama zai tura ga kamfanin da ya ba shi kaya, kuma takarda mai lambobi da ranaku ita ce abin da zai tura. Zagi ba ya turuwa.

Lambobin nan biyu kuwa, a kwafo su daga jikin mashin, kada a dogara da rasit. Ta shasi tana wuyan babur, ƙasa da kai, yawanci haruffa da lambobi 17. Ta inji an buga ta a jikin ƙarfen injin ta ƙasa. A gwada su da na rasit tun ranar saye, domin yaron shago yakan tsallake harafi, kuma rasit da bai dace da mashin ba tamkar na wani ne. Wanda ya sayi babur a kwali ya kai wa nasa bakaniken ya haɗa, shi ma ya sani ya raunana hujjarsa, don za a ce mai haɗawa ne ya ɓata.

Ba kowace matsala ce ta cancanci wasiƙa ba. Taya, ƙwan fitila, fulogi, takalmin birki, wayar kuloci da sarƙa, kayan da aiki ke cinyewa ne, garanti bai cika ɗaukarsu ba. Haka lalacewar da faɗuwa ko shiga ruwa ta jawo. Inji, giya da shasi su ne inda ake da ƙarfin magana, muddin katin sabis bai yi giɓi ba.

A yi kwafi biyu, da Hausa ko da Turanci, wanda dai manajan zai karanta. A miƙa ɗaya, a sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗayan. In ya ƙi, a tura hoton wasiƙar ta waya zuwa lambar shagon tare da bidiyon hayaƙin da hoton mita. Rasit na asali ba ya barin hannunka. In za a bar musu babur ɗin, a karɓi takardar da ta nuna ranar da suka karɓa, da kilomitar da ke mita, da abin da za su gyara.

In kwana goma sha huɗun sun cika shiru, sai wasiƙa ta biyu, gajeriya, mai ambaton ta farko, da kwafi zuwa ga kamfanin da sunansa ke kan katin garanti. Daga nan sai hukumar tarayya mai kare masu saye, wato FCCPC, ko hukumar jiha a inda ake da ita, kamar Kano. Can ma za a nemi rasit da shaidar cewa ka fara kai kuka wurin dila, kuma ga mai babur ɗinmu gara duk wannan ya faru kafin 4 ga Yuni.