Gwajin Manhaja a Kan Rumbun Bayanai na Gaske

Manhajar banki kan ci jarrabawa a kan rumbun bayanai na kwaikwayo, amma ta faɗi ranar aiki. Shi ya sa injiniyoyi ke amfani da Testcontainers, wanda ke tayar da PostgreSQL na gaske a cikin kwantenar Docker, ya rushe ta bayan gwaji.

Misali, gwajin zai buɗe asusu biyu da lambar waya ɗaya. Idan an gina rumbun da dokar `UNIQUE`, dole ya ƙi na biyun, ya nuna `23505`. Idan ya karɓa, to an manta dokar.

A kula: sigar PostgreSQL ta gwaji ta zama daidai da ta wurin aiki, kuma a share bayanai bayan kowane gwaji, kada ragowar wani ta ɓata sakamakon wani.