“Kayan Sun Zo a Fashe”: Me Ɗan Kasuwa Zai Yi?

Saƙon yakan shigo ne da daddare, bayan an rufe shago. Hoto ɗaya na fasasshen faranti, sai muryar mai saye tana rawa saboda ɓacin rai: “Hajiya, kayan sun zo a fashe fa.” Duk mai sayar da kayan kicin, turare ko kayan lantarki ta WhatsApp, yana kai su tasha a ba direba ya wuce da su Jos, Yola ko Maiduguri, ya san wannan saƙon. Abin da ya faɗa a mintunan farko shi ke nuna ko za a rabu lafiya, ko kuma sunan shagonsa zai zaga dandalin sada zumunta kafin gari ya waye.

Amsoshi biyu ne suka fi ɓata lamari. Na farko shi ne “lafiya ƙalau na tura su”, wanda a kunnen mai saye daidai yake da a ce masa maƙaryaci. Na biyu shi ne a tsorata a yi alkawarin mayar da kuɗi ba a ga komai ba. Gogaggun ’yan kasuwa sukan fara da jajantawa, sannan su roƙi abu ɗaya: kada a zubar da komai. Kwalin, takardun da aka cusa a ciki, ledar da aka naɗe, har da tarkacen abin da ya fashe, duk a ajiye su.

Dalili kuwa shi ne kwali ya fi kayan kansu ba da labari. A ɗauki misalin wata mai shago a Kano da ta tura saitin faranti na tangaran guda 24 zuwa Yola, a kan naira 60,000, da kuɗin mota 5,000. Mai sayen ta ce uku sun fashe. Abin da mai shagon za ta nema shi ne hoton kwalin ta kowane gefe, har da wajen da aka rubuta suna da lambar waya, sai hoton cikinsa yadda aka jera kayan, sannan farantan ukun tare da gutsattsarinsu. Idan kusurwar kwalin ta lotse ko samansa ya lanƙwashe, alama ce an jefa shi ko an ɗora masa nauyi a hanya, wato maganar ta koma kan direba. Idan kuwa kwalin yana nan garau amma faranti ya fashe a ciki, galibi laifin shiryawa ne: ba a sa komai tsakanin faranti da faranti ba, ko an bar sarari suna ta gwaruwa da juna a ramukan hanya. Wannan asarar mai shago ce, ba ta da wanda za ta ɗora wa.

Akwai kuma alamar da mutane ba su cika lura da ita ba. Abin da ya fashe a cikin rufaffen kwali, gutsattsarinsa suna nan a ciki. In bakin faranti ya ɓalle amma an rasa ɓallin, to ko dai tun a shago ya ɓalle aka saka shi a haka, ko kuma bayan an fitar da shi ne ya faɗi. Sabon fashi bakinsa fari ne tas, mai kaifi. Tsoho kuwa ya ɗauki ƙura ya yi duhu. Don a ga wannan sosai, gara a ce wa mai saye ya turo hoton ta hanyar Document, domin WhatsApp yana rage ingancin hoton da aka tura kai tsaye.

Sai dai hujja ba a kan mai saye kaɗai take ba, kuma a nan ne da yawa daga cikin masu shaguna suke da rauni. Wanda bai ɗauki bidiyon kayansa lokacin da ake jera su ana rufe kwali ba, bai ɗauki hoton kwalin a hannun direba ba, bai rubuta lambar mota ba, da me zai je tasha ya yi magana? Bidiyon minti ɗaya ya isa. Haka nan, sharaɗin cewa mai saye ya ɗauki bidiyo yana buɗe kwali, ba tare da yankewa ba, sharaɗi ne mai kyau, amma kafin a biya kuɗi ake faɗinsa. Rashin adalci ne a tsiro da shi bayan an buɗe kaya an gama. Sau da yawa ma ba mai sayen ne ya je tasha ba, yaro aka aika ya ɗauko a kan babur.

Wa ya zaɓi direban? Tambaya ce mai nauyi. In mai shago ce ta kai kaya tasha ta ba wanda ta ga dama, ita ce za ta bi shi, ta hannun shugabannin tashar in ta kama, kuma bai kamata mai saye ya zauna jiran yadda za su ƙare ba. In mai saye ne ya turo nasa direban ya karɓa a shago bayan an nuna masa kayan, nauyin ya ragu ƙwarai a kanta.

Wasu suna fakewa da rubutun nan na “kayan da aka saya ba a dawowa da su”. Ga lalataccen kaya, rubutun ba ya kare kowa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka gaza inganci cikin wata uku da karɓa, a gyara, a canza, ko a biya shi kuɗinsa. Tun kafin nan ma malaman fiƙihu sun yi bayanin zaɓin aibi: wanda ya tarar da tsohon aibin da ba a bayyana masa ba yana da damar mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Shi ya sa sanin lokacin da abin ya fashe yake da muhimmanci.

To, canji ko mayar da kuɗi? Lissafi da lokaci ne ke yanke hukunci. A saitin nan na Yola, kowane faranti ya tashi 2,500, wato asarar 7,500 ce. In aka ce a dawo da saitin duka a tura sabo, kuɗin mota zuwa da dawowa kaɗai 10,000 ne, ga kasadar wasu su ƙara fashewa. Saboda haka mafi sauƙi shi ne a tura uku irinsu, in akwai, ko a mayar da 7,500 in mai sayen ta yarda ta riƙe sauran. Amma in kayan jeren amarya ne kuma biki jibi ne, canjin da zai iso mako mai zuwa ba shi da amfani. A ba ta kuɗinta ta saya a kasuwar garinsu. Haka nan in samfurin ya ƙare, kada a tura mata wani launi a ce ai duk ɗaya ne.

Kayan lantarki masu tsada daban ne: a dawo da su tukuna, a duba lambar jikinsu ta yi daidai da wadda ke kan rasit, sannan a canza ko a biya. Kuɗin kuma a mayar da shi asusun da ya fito, ba wani sabon asusu da aka turo daga baya ba.

Duk abin da aka daidaita a kai, a rubuta shi a saƙo: nawa ne, wace rana, wa zai biya kuɗin mota. Mai shagon da ta ce “Laraba kuɗinki zai shigo”, to ta tabbata ya shiga ranar Laraba.