Saƙon Godiya Bayan Tantancewa ta Waya: Abin da Ake Sakawa da Abin da Ake Bari

Tantancewa ta waya ita ce gajeriyar hirar da jami'in ɗaukar ma'aikata yake yi da mai neman aiki kafin a gayyace shi babbar intabiyu. Yawanci ba ta wuce minti 15 zuwa 30. A cikinta ake tabbatar da cewa abin da ke rubuce a takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da sibi, gaskiya ne, a ji albashin da mutum yake sa rai, da garin da zai iya zama, da ranar da zai iya kama aiki. A Najeriya akan ƙara da tambayar ko ya kammala bautar ƙasa. Wanda ya kira ɗin wani lokaci ma'aikacin kamfanin ne, wani lokaci kuma na wata hukuma ce da kamfanin ya ba kwangilar nemo masa ma'aikata. Ko wanne ne, galibi ba shi ke yanke hukuncin ƙarshe ba. Aikinsa shi ne ya tace mutane da yawa, ya rubuta taƙaitaccen bayani a kan kowa, ya miƙa 'yan sunaye ga manajan da ke neman ma'aikacin.

Wannan ne ke nuna yadda ya kamata a rubuta saƙon godiya. Jami'in da ya kira mutum takwas a wuni ɗaya zai zauna da yamma ko washegari ya haɗa bayanansu, kuma saƙon da ya iso masa a daidai lokacin yana iya shiga cikin abin da zai rubuta. Akan ma tura saƙon kai tsaye ga manaja. Saboda haka ma'aunin kowace jimla ɗaya ne: idan manajan ya karanta ta, shin za ta taimaki mai neman aikin, kuma ba za ta ba jami'in kunya ba? Jimlar da ta ci wannan jarrabawa ta cancanci zama, wadda ta faɗi kuwa a cire ta, komai kyan niyyar da aka rubuta ta da ita.

An saba aika saƙon cikin awa 24 bayan hirar, kuma ya fi kyau a lokacin aiki. Idan an yi hirar ranar Juma'a da yamma, babu laifi ya isa da safiyar Litinin. Hanyar da jami'in ya bi wajen tuntuɓar mutum ita ake bi a mayar masa. Idan ta imel ya sanya lokacin kiran, sai a amsa a ƙarƙashin wannan imel ɗin, domin sunan aikin da sauran bayanai suna nan a wuri ɗaya. Idan ta WhatsApp ko LinkedIn aka yi komai tun farko, ana iya bin can, amma da rubutu. Saƙon murya ba ya dacewa, don ba a iya kwafarsa a saka cikin bayanin da za a kai wa manaja. Harshen saƙon kuma shi ne harshen da aka yi hirar da shi, wato Turanci a yawancin kamfanonin Najeriya da Ghana, Faransanci a Nijar. Misalin da za a kawo a nan da Hausa yake, domin a ga ginin saƙon, wanda ba ya canzawa daga harshe zuwa harshe.

A ɗauki misalin wata matashiya a Kano da ta karanta aikin akanta a kwalejin kimiyya da fasaha, ta yi shekara biyu tana riƙe littattafan kuɗi a wani kamfanin casar shinkafa, yanzu kuma tana neman kujerar mataimakiyar akanta a wani kamfanin rarraba magunguna a Abuja. Jami'a ta kira ta ranar Talata da ƙarfe 11 na safe. A cikin hirar jami'ar ta ce babbar matsalar ofishin ita ce jinkirin daidaita bayanan banki da na abokan ciniki a ƙarshen wata. Ta nemi a turo mata shaidar kammala bautar ƙasa. Da ta tambayi ranar kama aiki, matashiyar ta ce duk lokacin da aka buƙace ta, alhali yarjejeniyarta da kamfanin da take yi wa aiki ta wajabta mata ba da notis na wata ɗaya. Ga saƙon da ya dace ta aika da yammacin ranar, ƙarƙashin taken da ke ɗauke da sunan kujerar da sunanta:

"Malama Wance, barka da yamma. Na gode da lokacin da kika ba ni yau da safe a kan kujerar mataimakiyar akanta. Kin ambaci jinkirin daidaita bayanan banki a ƙarshen wata. Wannan shi ne aikin da nake yi a yanzu da Excel, ga dillalai kusan 40, kuma nakan kammala shi a cikin kwana uku na farkon wata. Akwai gyara ɗaya: game da ranar kama aiki, sai na ba da notis na wata ɗaya daga ranar da na karɓi takardar ɗauka. Na haɗa da shaidar bautar ƙasa da kika nema. Ina son wannan aiki, kuma zan iya zuwa intabiyu a Abuja idan an sanar da ni kwana biyu kafin ranar. Na gode."

Daga nan sai cikakken sunanta da lambar wayarta. Duka saƙon bai kai kalma 120 ba, kuma godiyar kanta jimla ɗaya ce a farko da kalma biyu a ƙarshe. Nauyinsa yana kan jimlolin da suka ɗauko abin da jami'ar ta faɗa da bakinta suka haɗa shi da aikin da matashiyar ta taɓa yi. Su ne suke nuna cewa ta saurara, kuma su ne jami'ar za ta iya ɗauka yadda suke ta saka cikin bayaninta. Da ta rubuta cewa ita haziƙa ce mai ƙwazo da riƙon amana, da babu abin da za a ɗauka, domin duk waɗanda aka kira a ranar haka za su ce. Alkaluman da za a saka kuwa dole su zama na gaskiya, don za a iya tambayar ta a kansu a babbar intabiyu, kuma kada su tona asirin kamfanin da take yi wa aiki. Yawan dillalai ba sirri ba ne, amma sunayensu da kuɗin da ake bin su bashi sirri ne.

Gyaran da ta yi ya cancanci a tsaya a kansa. Idan amsar da aka bayar a waya kuskure ce a kan abin da za a gina shiri a kai, kamar ranar kama aiki, ko shekarar kammala karatu, ko yarda da zama a wani gari, saƙon godiya ne wuri mafi sauƙi na gyara ta. Idan aka bar ta, jami'ar za ta gaya wa manaja cewa wance a shirye take nan take, sai a ƙarshe maganar ta warware, kuma ita jami'ar ce za ta ji kunya. Ana yin gyaran a jimla ɗaya, ba tare da dogon ban haƙuri ba. Amma idan abin da ya faru in'ina ce, ko sabis ya ɗauke na ɗan lokaci, ko an manta wata kalma, to a bar shi. Ambatonsa zai tuna wa jami'ar abin da wataƙila ba ta ma lura da shi ba.

Abubuwan da ake bari sun fi waɗanda ake sakawa yawa, kuma mafi wuyar bari ga Bahaushe ita ce doguwar gaisuwa. Tambayar gida da iyali da gajiya ladabi ne a zaure, amma a imel na aiki tana tura muhimmiyar magana ƙasa, inda mai karatu a waya ba lallai ya kai ba. Layi ɗaya na gaisuwa ya wadatar, tare da kiran mutum da sunan da ya gabatar da kansa, a kuma duba rubutun sunan a imel ɗinsa kada a kuskure harafi.

Wanda ya fi wannan illa shi ne roƙo. Mutumin da ya daɗe babu aiki, ga iyaye ga ƙanne suna kallonsa, yana da dalilin jin cewa ya kamata a san halin da yake ciki, kuma halin nasa gaskiya ne. Sai dai jami'ar ba za ta iya rubuta wa manaja cewa a ɗauki wane don yana cikin matsi ba. Saƙon da ya cika da "a taimaka mini don Allah" ba ya ba ta abin da za ta kare shi da shi, kuma yana raunana matsayinsa ranar da za a zauna maganar albashi. Haka nan ambaton cewa Alhaji wane ko wani babba ya san da zancen, ko alkawarin kyauta idan abu ya yiwu. Kamfanoni da yawa suna da dokar da ta hana ma'aikatansu karɓar irin wannan, kuma rubutaccen alkawari yana iya sa a cire sunan mutum gaba ɗaya.

Maganar albashi ma ba nan ne wurinta ba. An riga an tambaya a waya, kuma cinikin gaske sai an yi tayin aiki. Ana sako ta ne kawai idan jami'ar ta ce a turo adadin a rubuce, ko kuma an faɗi adadi bisa kuskure, misali an ba da na wata alhali na shekara aka tambaya. Ba a kushe kamfanin da ake shirin bari, ba a sake kwafo sibi cikin saƙon, ba a kuma jero tambayoyi a kan hutu da alawus.

Game da takardu, abin da aka nema kaɗai ake turawa, a tsarin PDF, da suna mai bayyana abin da ke ciki. Lambar BVN, da bayanan katin banki, da lambar sirrin da banki ke turowa ta waya ba su da hurumi a wannan mataki. Wanda ya nemi su bayan hirar minti 20, ko ya ce a biya kuɗin fom ko na horo kafin intabiyu, alama ce babba ta damfara, kuma abin da ya dace shi ne a tuntuɓi kamfanin ta lambar da ke shafinsa na intanet kafin a tura komai.

Jami'ai da yawa ba sa amsa saƙon godiya, kuma shirun ba ya nufin an ƙi mutum. Saƙon ma ba ya mayar da wanda bai cika sharuɗɗa ba ya zama ya cika; amfaninsa yana fitowa ne idan mutum biyu sun yi kusa da juna, ko akwai bayanin da ke buƙatar gyara. Idan jami'ar ta ce za a ji daga gare su cikin mako ɗaya, sai a jira makon ya cika, a ƙara kwana ɗaya ko biyu na aiki, sannan a aika layi biyu a ƙarƙashin imel ɗin farko ana tambayar inda aka kwana. Idan ba ta faɗi lokaci ba, mako ɗaya zuwa kwana goma ya isa jira. Bayan wannan tuni ɗaya ba a ƙara wani, ba a kuma bin sa da kiran waya, sai dai idan wani abu ya canza, kamar samun tayin aiki daga wani wuri da aka ba wa'adin amsa shi, wanda ya kamata a sanar da jami'ar tare da ranar da wa'adin zai cika.