Yadda Caja Ke Hana Batirin Waya Ɗaukar Zafi

Cajar sauri ta da tana turo wuta a mataki tsayayye, misali bolt 9, alhali batirin waya wajen bolt 4 yake buƙata. Wayar ce ke rage ƙarfin, asarar kuma ta zama zafi kusa da batiri.

A 2017 aka ƙara tsarin PPS cikin ƙa'idar USB PD 3.0. Yanzu wayar ke faɗa wa caja adadin da take so, a matakan milibolt 20, tana sabunta buƙatar aƙalla duk daƙiƙa 10. Aikin ragewar ya koma kan caja. Da batiri ya fara ɗumi, sai wayar ta nemi a sassauta.

Sai dai dole waya da caja duka su kasance da PPS. Mai saye ya duba rubutun jikin caja.