Me ya sa tsadar gishiri ba ta korar masu saye, ta gwal kuwa tana kora?

Idan ƙullin gishiri ya tashi daga naira 100 zuwa 150, uwargida za ta yi mita, amma sai ta saya. Idan kuwa 'yan kunnen gwal suka ƙara kuɗi, sai ta ajiye su ta ce wa mai shago sai wani jiƙon. Masana tattalin arziki suna da awon wannan bambanci, wanda Alfred Marshall na Ingila ya bayyana a littafinsa na 1890. Ana duba kashi nawa cikin ɗari ciniki ya ragu, a raba shi da kashi nawa cikin ɗari farashi ya hau.

Bari mu ƙaddara misali. A ce a wani gari ana sayar da ƙulli 1,000 na gishiri kowane mako. Farashi ya hau da kashi 50, ciniki ya sauko zuwa ƙulli 950, wato ragin kashi 5. Idan aka raba 5 da 50 za a sami 0.1. Duk amsar da ba ta kai 1 ba, ma'anarta masu saye ba su ja da baya sosai ba. Kuɗin da 'yan gishiri ke haɗawa ma ƙaruwa ya yi, daga naira 100,000 zuwa 142,500.

A ce kuma wani mai shagon gwal yana sayar da 'yan kunne 20 a wata, kowanne naira 200,000. Ya mayar da su 240,000, ƙarin kashi 20 ke nan, sai ciniki ya koma 12, ya ragu da kashi 40. Amsar ita ce 2. Abin da ke shiga aljihunsa ya faɗo daga naira miliyan 4 zuwa miliyan 2 da dubu 880. Ya ƙara kuɗi, amma ya tashi da ƙasa da abin da ya saba samu.

Mutane kan ce dalili shi ne gishiri dole ne, gwal kuwa ado. Haka ne, amma ba shi ke nan ba. Gishiri ba shi da madadi, don kanwa ba ta yin aikinsa a miya, kuma ba a ɗage girkin yau zuwa bayan sallah. Sannan kuɗinsa kaɗan ne cikin cefane. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar kada ya kai giram 5 a rana, don haka gida mai mutum takwas da ke bin wannan ƙa'ida ba zai wuce kilo ɗaya da 'yan kai a wata ba. Ko farashi ya ninka, bai kai a sauya girki ba. Idan ya faɗi ma, ba wadda za ta ƙara wa miyarta gishiri don ya yi araha. Shi kuwa mai haɗa lefe yana da mafita da yawa: ya rage nauyin sarƙar, ya koma azurfa ko mai ruwan gwal, ko ya jira.

Masu mulki sun daɗe da gane wannan. Turawan mulkin mallaka sun ɗora wa gishiri haraji a Indiya, sanin cewa talaka ba shi da wajen gudu, abin da ya sa Gandhi ya yi tattakinsa na gishiri a 1930. Amurka kuwa ta sanya harajin kashi 10 a kan kayan alatu masu tsada a 1990, har da kayan ado da jiragen ruwa na shaƙatawa, amma a 1993 aka soke shi a kan yawancinsu, bayan masu ƙera jiragen sun koka da faɗuwar ciniki.

Sai dai a kula, wannan ƙarfi na gishiri na kasuwa ne gaba ɗaya, ba na mai tebur ɗaya ba. Wanda ya ƙara farashi shi kaɗai, maƙwabcinsa zai tura wa masu saye.

Gwal ma yana da nasa saɓanin. Mata da yawa suna sayensa ne a matsayin ajiya, kadarar da za a sayar ran buƙata. Idan naira na faɗuwa, tashin farashin gwal kan sa wasu su yi gaggawar saye, don suna ganin gobe zai fi haka. Saboda haka mai shago da ya ga ciniki ya ƙaru a lokacin tsada ya lura da abin da ke fita. Idan sarƙa mai nauyi marar ado ce ake ɗauka, ana kuma tambayar nawa zai karɓe ta in an dawo da ita, masu ajiya ne suka zo, kuma za su iya ɗaukewa da zarar farashi ya tsaya.