Ajin da ke kashe fankarsa da kansa: tsarin aikin zango ɗaya ga kulob ɗin lantarki na makarantarku

Idan makarantarku na cikin waɗanda aka sa wa sola, ka san abin da ke faruwa da zarar an kaɗa ƙararrawar tashi. Kowa ya suri jakarsa ya yi waje, fanka na juyi, ƙwan fitila na ci, babu wanda ya waiwayi makunni. Da safe a zo a tarar batir ya yi sanyi, bayan 'yan watanni kuma a ce ya mutu, sai an jira kuɗin sabo. To, wannan matsala ce da kulob ɗin JETS ko na lantarki zai iya magancewa a zango guda, da kayan da ba su cika tafin hannu biyu ba. Ga yadda za ku tsara aikin daga tushe.

Ku fara da lissafi kafin ku shiga kasuwa

Mu ɗauki aji mai fanka biyu na sola, kowace tana cin wat 15, da ƙwan fitila huɗu masu wat 5. Jimilla wat 50 ke nan. Batirin kuma mai bolt 12 ne, wanda aka rubuta 100Ah a jikinsa. Idan ka ninka 12 da 100 za ka samu 1,200, ma'ana a takarda zai iya ba da wat 1,200 na tsawon awa ɗaya. Sai dai batir mai dalma ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa, don haka 600 ne rabonku na gaskiya.

Yanzu a ce an bar kayan a kunne daga ƙarfe 6 na yamma, lokacin da rana ta daina caji, zuwa 7 na safe. Awa 13 sau wat 50 ya ba ka 650. Ka ga a dare ɗaya an haura iyaka, kuma babu ko mutum ɗaya da ya sha iskar. Wannan lissafi shi za ku kai wa shugaban makaranta, da alƙaluman ajinku na ainihi waɗanda kuka karanto daga jikin kayan. Ya fi doguwar wasiƙar roƙo tasiri.

Sharaɗi ɗaya da babu sassauci a kansa: aikinku ya tsaya kan layin bolt 12. Wutar NEPA, da wadda ke fitowa daga inbata, bolt 230 ce, kuma tana kisa. Idan fankar ajinku a kanta take, ku gina aikin a kan teburi da ƙaramar fanka da batir, haɗin bango kuwa a bar wa ƙwararren mai gyaran wuta.

Abin da na'urar za ta yi, da kayan da take bukata

Ku rubuta aikinta a jimla biyu kacal. Idan minti 10 suka wuce babu motsi a aji, ta yanke wutar fitila da fanka. Idan akwai mutane, ta bar fitila, fanka kuma sai zafi ya kai digiri 30. Makunnin bango yana nan inda yake, na'urarku a bayansa za ta zauna a kan layin, saboda haka ba za ta iya kunna abin da mutum bai kunna ba. Wannan dabara ta hutar da ku sayen abin auna haske, tunda da rana babu mai kunna fitila.

Ƙwaƙwalwar aikin ita ce Arduino Nano ko Uno, daga dangin ɗan allon da aka fara ƙirƙirowa a garin Ivrea na Italiya a 2005 musamman don ɗalibai. Idonsa shi ne HC-SR501, mai gane motsin jiki mai ɗumi daga nisan da ya kai wajen mita 7. DHT11 zai auna zafi. Sai allon rile mai layi biyu, ɗaya na fitila ɗaya na fanka, domin ƙafar Arduino ba ta ba da fiye da kimanin miliam 20 cikin aminci, alhali fankokinku biyu za su ja am 2.5. Rile shi ne ɗan aiken da ke karɓar ƙaramin umarni ya buɗe babbar ƙofa. Ku ƙara LM2596 mai sauke bolt 12 zuwa 5, da fiyus mai am 7.5, da dayod 1N4007, da allon gwaji, da wayoyi, da mitar awon wuta ko da ta aro ce.

Farashi yana canzawa kusan kullum, don haka ku tura mutum biyu su zaga shago uku, a Sabon Gari idan a Kano kuke, ko wajen masu kayan gyaran rediyo da waya na garinku. Ku sayi HC-SR501 da DHT11 bibbiyu. Masu koyo ba sa rasa ƙona ɗaya. Akwati kuwa, robar abinci mai murfi ta wadatar.

Mako goma, ƙungiya uku

Ku kasu uku: masu haɗa waya, masu rubuta umarni, da masu awo da ajiye bayani. Bayan kowane mako uku a yi musanya, don kada aikin ya zama na mutum ɗaya mai kwamfuta, sauran 'yan kallo.

Mako na 1 da na 2 na lissafi ne da neman izini. Idan akwai data, ku gwada haɗin a Tinkercad, inda ake jera kayan a allon kwamfuta kyauta ba tare da an ƙona komai ba. Mako na 3 zuwa na 5, a gwada kowane abu shi kaɗai. Kafin komai, ku jona LM2596 da batir, ku ɗora mita a bakin fitarsa, ku murɗa ɗan sukurun har ta nuna bolt 5, sannan ku haɗa Arduino. Wanda ya tsallake wannan mataki zai iya aika wa allonsa kusan bolt 12 kai tsaye, daga nan sai wari da jimami. Shi kuma HC-SR501 yana bukatar kamar minti ɗaya bayan kunnawa kafin ya nutsu. Kada ku ce ya lalace don ya yi ta ba da alama a wannan lokacin.

Mako na 6 da na 7 a haɗa komai a kan teburi. Na 8 a like da dalma a sa a akwati. Na 9 da na 10 a kafa a aji a zuba ido. Fiyus ya zauna kusa da batir a kan wayar ja, kuma ku sa makunnin gaggawa da zai tsallake rile, ta yadda ko na'urar ta yi gardama malami zai kunna fanka darasi ya ci gaba.

Zuciyar umarnin

Bayan kun sa laburaren DHT kun kuma bayyana ƙafafuwa a cikin setup(), ga ainihin abin da ke gudana:

```cpp
const unsigned long JIRA = 600000UL;
unsigned long motsi = 0;
bool zafi = false;

void loop() {
  if (digitalRead(2) == HIGH) motsi = millis();
  bool daMutane = millis() - motsi < JIRA;
  float t = dht.readTemperature();
  if (t >= 30) zafi = true;
  if (t <= 28) zafi = false;
  digitalWrite(7, daMutane ? LOW : HIGH);
  digitalWrite(8, (daMutane && zafi) ? LOW : HIGH);
  delay(2000);
}
```

Lambar 600000 minti 10 ce, domin Arduino yana raba kowace daƙiƙa kashi dubu. Lokacin gwaji ku mayar da ita 30000, rabin minti, kada ku yini kuna jira. Sannan ka lura fanka tana tashi a digiri 30 amma ba ta tsayawa sai zafi ya sauko 28. Da lamba ɗaya aka sa, duk sanda zafin ya tsaya a bakin iyaka sai rile ya yi ta ƙas-ƙas, kunna-kashe, har ya gaji. Wannan tazarar digiri biyu ita ce maganinsa. An kuma yi amfani da LOW wajen kunnawa saboda yawancin allunan rile haka suke aiki. Idan naku ya kunna lokacin da ya kamata ya kashe, ku juya LOW da HIGH, shi ke nan.

Inda abin ke tuntuɓe

Babban rauninsa shi ne HC-SR501 motsi yake gani, ba zaman mutum ba. Ranar jarrabawa, da kowa ya sunkuya yana rubutu, zai iya ɗauka ajin babu kowa. Dalilin jiran minti 10 ke nan. Ku kafa shi sama a kusurwar gaba, kamar mita 2 da ɗoriya, yana kallon layukan kujeru a karkace, domin ya fi gane wanda ya gifta ta gabansa a kan wanda ya nufo shi kai tsaye. Idan ajin dogo ne, ku sa na biyu a baya.

Sai yanayinmu. A watannin Maris zuwa Mayu, zafin aji kan matso kusa da ɗumin jikin mutum, shi kuma bambancin nan yake dubawa, sai ganinsa ya ragu daidai lokacin da aka fi bukatar fanka. Ku ƙara masa ƙarfin gani da ɗan sukurun da ke bayansa, ku kuma gwada shi da tsakar rana, ba da sanyin safiya kawai ba. Da hunturu kuma ƙura ke rufe farar hularsa, a riƙa goge ta duk mako. Idan kun ga fitila ta ƙi mutuwa alhali babu kowa, ku duba ko yana fuskantar taga, ko labule na kaɗawa cikin hasken rana.

Idan Arduino yana farfaɗowa daga farko duk sanda fanka ta tsaya, bugun wutar da injinta ke mayarwa ne. Ku gitta dayod ɗin nan tsakanin wayoyin fankar biyu, ɓangare mai zobe a wajen wayar ja. Shi ma DHT11 yana iya kuskuren digiri biyu sama ko ƙasa, don haka kada ku rufe shi cikin akwati inda kayan ke ɗumi, kuma ku gwama shi da ma'aunin zafi na ɗakin kimiyya.

Yadda za ku san kun ci nasara

Masu awo su auna batir kowace safiya ƙarfe 7, mako ɗaya kafin a kafa na'urar da mako biyu bayan an kafa. Batir mai dalma da ya cika ya huta yana nuna kusan bolt 12.6, idan ya sauko wajen 12.1 to rabi ya tafi. Ita na'urar, idan ta yanke komai, abin da take ci bai kai wat 1 ba, wato ƙasa da 13 a daren da a da ake asarar 650. Ku sa littafi a aji, duk sanda fanka ta mutu alhali da mutane a rubuta ranar da lokacin. Idan hakan ya faru fiye da sau ɗaya ko biyu a mako, a sake wa idon wuri ko a ƙara lokacin jira.

A ƙarshen zango ku zana haɗin wayoyin a takarda ku manna a cikin murfin akwatin, ku bar kwafin umarnin wajen malamin kulob. 'Yan aji shida za su fita, amma 'yan aji huɗu da suka riƙe mita bana su ne za su kafa ta a aji na gaba.